Rangwamen katan dubu uku: in ɗauka ko in tsaya a yadda nake?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sarin man girki a Jidda, ina rarraba wa bagaloli, wato shagunan kayan masarufi, da gidajen abinci, a wata nakan sayar da katan 1,000 haka. Kamfanin da nake saye a wajensu sun ce ƙasa da katan 1,000 riyal 80 ne katan, daga 1,000 zuwa 2,999 riyal 78, daga 3,000 zuwa sama riyal 77. Kowace oda tana cina kamar riyal 300, sitona kuma baya ɗaukar fiye da katan 1,500. Mandub ɗinsu, wato wakilinsu mai tallar kaya, ya matsa in riƙa ɗaukar 3,000. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In kana son amsar kai tsaye, ka riƙa ɗaukar katan 1,000 duk wata akan riyal 78, kada ka taɓa 3,000 ɗin nan a farashin 77 sai dai a gaban azumi, ko kuma in sun yarda su sauko ƙasa da riyal 76 da halala 60 kuma ka samu inda zaka ajiye ba tare da sabuwar haya ba. Amma bana son ka ɗauka don na faɗa kawai, bari mu yi lissafin tare domin gobe farashi zai canza, ciniki zai canza, kuma kai zaka sake yinsa da kanka akan shinkafa ko sikari ko madara.

Abin da ke rikita 'yan sari da yawa shine suna duba fatura ɗaya, su ga riyal ɗaya ya ragu a kowane katan, su ninka da 3,000 su ce na ci riyal dubu uku a zaune. Toh lissafin baya tsayawa a fatura ɗaya, shekara guda ake dubawa gaba ɗaya, kuma abu uku ne ake haɗawa. Akwai kuɗin kayan kansu, wato katan nawa ka saya a shekara sau farashin katan. Akwai kuɗin oda, wannan riyal 300 ɗin sau yawan odar da ka yi a shekara. Sai kuɗin ajiya, wanda shine babu mai rubuta maka fatura akansa shi yasa ake mantawa da shi, amma yana nan yana cin ka kullum kayan suna kwance a sito. In ka ƙara girman oda, na farko da na biyu suna raguwa, na ukun yana hauhawa, kuma tambayar gaba ɗaya ita ce a wane adadi ne jimillar ukun ta fi ƙanƙanta.

Kuɗin ajiyar nan shi ne baka bani ba, don haka dole in ƙiyasta maka, kai kuma sai ka gyara da abin da ke littafinka. Ana auna shi da kashi nawa cikin ɗari na darajar katan yake tafiya in katan ɗin ya shekara a ajiye. Zan ɗauki kashi 25. Na raba shi kamar haka: kashi 14 na jarin da ya maƙale, kashi 8 na wuri, wato haya da wuta da mai gadi, kashi 3 na ɓarna. Maganar jarin nan nasan wasu zasu ce ai ni ban ci bashin banki ba, bana biyan ruwa, kuɗina ne. Eh kuɗinka ne Alhaji, amma riyal dubu ɗari da ke kwance a matsayin mai a lungun sito, da ka saka su a shinkafa ko taliya da sun juya sun dawo da riba, wannan ribar da ka rasa ita muke ƙirgawa, ba ruwanta da riba ta haram. Ɓarna kuwa ka fini sani, katan na ƙasa da nauyi ya danne ya fashe, kwalba ɗaya ta tsiyaye ta jiƙa kwali huɗu, zafin Jidda da danshinta suna sa kwali ya yi laushi, ga wanda yake ɓacewa ba a san hannun da ya ɗauka ba. Zakka kar ka saka ta a ciki, domin ko kuɗin suna hannunka tsaba ko sun zama kayan sayarwa duk zaka fitar musu, girman oda baya canza ta.

Kashi 25 na riyal 80 shine riyal 20, kenan katan ɗaya in ya shekara a sito ya ci maka riyal 20.

Yanzu akwai wata dabara ta lissafi da ake kira EOQ, wani injiniya ɗan Amurka Ford Harris ne ya fitar da ita a 1913, wasu littattafan kuma suna danganta ta da Wilson wanda ya yaɗa ta daga baya. Aikinta ta nuna maka adadin da ya fi sauƙin kuɗi in farashi ɗaya ne babu rangwame. Ga ta, tare da yadda ake haɗa jimillar shekara:

```
Q  = √(2 × D × S ÷ H)
H  = i × P
TC = D×P + (D÷Q)×S + (Q÷2)×H
```

D shine katan nawa kake sayarwa a shekara, naka 12,000. S kuɗin oda ɗaya, 300. P farashin katan, i kuma kashin ajiya, 0.25, H kuɗin ajiyar katan ɗaya a shekara. Q girman oda, TC jimillar kuɗin shekara. Abin da yasa aka raba Q biyu a ɓangaren ajiya, ranar da mota ta sauke kaya sito a cike yake, ranar da za a kawo na gaba ya kusa zama wayam, in ka ɗauki tsaka-tsaki rabin odar ce take kwance a kowane lokaci.

Mu fara da riyal 80. Biyu sau 12,000 sau 300 ya bada 7,200,000, a raba da 20 ya zama 360,000, lambar da in ka ninka ta da kanta zata bada wannan ita ce 600. Kenan da babu rangwame kwata-kwata, katan 600 ya kamata ka riƙa ɗauka, sau 20 a shekara, kusan duk kwana 18. Kuɗin kaya 960,000, kuɗin oda 20 sau 300 wato 6,000, ajiya katan 300 sau riyal 20 shima 6,000, jimilla riyal 972,000. Ka lura kuɗin oda da na ajiya sun zo daidai da juna, ba dace bane, haka yake fitowa a duk lokacin da ka tsaya akan EOQ, kuma hanya ce mai sauƙi ta gane ko ka yi kuskure a kalkuleta.

Toh anan ne rangwame yake shigowa ya ɓata tsarin. In ka sake lissafin da riyal 78, H ya zama 19.5, Q ya fito wajen 608. In ka yi da riyal 77, H ya zama 19.25, Q ya fito wajen 612. Kaga duk suna zagaye a ɗari shida, rangwamen riyal biyu ko uku baya motsa EOQ sosai. Matsalar ita ce kamfani ba zai baka katan 608 akan 78 ba, sai ka kai 1,000, kuma ba zai baka 612 akan 77 ba sai ka kai 3,000. Wannan shine kuskuren da nake yawan gani har a wajen waɗanda suka karanta abin a makaranta, mutum ya saka farashi mafi araha a dabarar, ya samu 612, ya lissafa jimilla da riyal 77, ya yi ta murna da adadin da babu wanda zai sayar masa a haka. Ƙa'idar ita ce in EOQ na wani farashi ya faɗi ƙasa da inda rangwamen yake farawa, sai ka ɗaga shi zuwa bakin rangwamen daidai, kar ka wuce ko da katan ɗaya, domin ka riga ka wuce adadin da ya fi maka sauƙi, duk abin da ka ƙara daga nan ajiya ce kawai take ƙaruwa fiye da abin da kake ragewa a oda. Don haka 1,200 ko 1,500 ko 2,000 duk basu da amfanin gwadawa a wannan tsarin farashin, 1,000 ta fi su duka. Adadi uku ne kawai suka rage a fili, 600 da 1,000 da 3,000.

Katan 1,000 akan 78: kuɗin kaya 12,000 sau 78 ya bada 936,000. Oda 12 a shekara, 3,600. Ajiya katan 500 sau 19.5 ya bada 9,750. Jimilla riyal 949,350.

Katan 3,000 akan 77: kuɗin kaya 924,000. Oda huɗu kacal, 1,200. Ajiya katan 1,500 sau 19.25 ya bada 28,875. Jimilla riyal 954,075.

Ka duba yadda abin yake tafiya. Daga 600 zuwa 1,000 ka ƙara katan 400 ne kawai a oda, aka sauke maka riyal biyu a kowane katan na shekara gaba ɗaya, wato 24,000, ka kuma rage 2,400 a oda, abin da ka ƙara a ajiya 3,750 ne kacal, ka tashi da ragin 22,650. Wannan ba abin tsayawa shawara bane, in ma kana ɗaukar ƙasa da dubu a yanzu to wallahi kuɗi kake bari a teburin kamfani duk wata. Amma daga 1,000 zuwa 3,000 labarin ya juya, ka ninka oda sau uku don riyal ɗaya. Rangwamen ya baka 12,000, odar da ta ragu ta baka 2,400, haɗe 14,400, ajiya kuma ta ƙaru da 19,125. Ka faɗi da riyal 4,725 a shekara, kuma wannan tun kafin mu taɓo maganar cewa sitonka ma ba zai ɗauka ba. Haka yawancin jadawalin rangwame yake, matakin farko yana da tsoka, na sama kuma yana buƙatar kaya masu yawa don ragi kaɗan, saboda an tsara shi ne don manyan dillalai masu sayar da dubu uku a sati biyu, mandub kuma yana da adadin da aka ɗora masa ya cika kafin ƙarshen wata, ba laifinsa bane, aikinsa kenan.

Sai dai gaskiya 4,725 a cikin kusan miliyan ɗaya ba tazara ce mai yawa ba, rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma ta dogara ne akan kashi 25 ɗin da ni na ƙiyasta. Don haka ya kamata mu tambaya, in na yi sama da yawa fa? In ka bar i a buɗe, jimillar 1,000 ita ce 939,600 a haɗa da 39,000 sau i, ta 3,000 kuma 925,200 a haɗa da 115,500 sau i. Suna haɗuwa ne a wajen kashi 18.8. Ma'ana in ainihin kuɗin ajiyarka ya haura kashi 19, dubu ɗaya ce ta fi, in ya gaza haka dubu uku ta fi. Misali mutumin da ajiyarsa kashi 15 ce, dubu uku zata fi masa da riyal 2,925. Shi yasa ba daidai bane ka ji maƙwabcinka yana ɗaukar 3,000 ka ce nima bari in bi, wataƙila shi sito nasa ne na kansa, rabinsa babu komai, kuɗi kuma suna zaune masa a asusu bai san inda zai saka su ba.

Kuma akwai wata magana mai kyau da wani zai iya kawowa akan kashi 8 na wuri. Zai ce hayar sito ai shekara-shekara nake biya, ko katan 500 ne a ciki ko 1,500 kuɗin ɗaya ne, me yasa zan ɗora wa man? Maganarsa gaskiya ce matuƙar wurin da man zai zauna da ma fanko ne babu wani kaya da zai shiga. Toh mu bi shi, mu cire kashi 8 ɗin, saura 17. Yanzu jimillar 1,000 ta zama 946,230, ta 3,000 ta zama 944,835, dubu uku ta wuce gaba da riyal 1,395. Amma anan ne katan 1,500 ɗin da sitonka yake tsayawa ya shigo. Ranar da aka sauke 3,000 rabinsu babu wurin zama, kuma ba a kama sito don tsaka-tsakin kaya, ana kama shi ne don ranar da kaya suka fi yawa. Sai ka nemi ƙarin wuri, kuma wurin zai yi aiki ne wata ɗaya da rabi a cikin kowane wata uku, sauran lokacin kana biya babu komai a ciki. Ina zaka samu wurin katan 1,500 a Jidda akan ƙasa da riyal 1,395 a shekara? Ko a wata ma ina shakka. Ga kuma ɗauko kaya daga can zuwa nan, lebura sau biyu. Ta kowace hanya ka bi lissafin, kai dai dubu ɗaya ce taka. Abin da kawai bana so shine ka ƙirga wuri sau biyu, ka bar kashi 8 a ciki kuma ka sake ɗora sabuwar haya a kai, zaɓi ɗaya.

Maganar tsabar kuɗi ma tana nan. Odar 1,000 riyal 78,000 ce, da dariba, wato harajin VAT, kashi 15 ta zama 89,700. Odar 3,000 riyal 231,000 ce, da dariba 265,650. Daribar bata shiga lissafinmu na sama ba, da gangan na yi da farashi kafin haraji, domin mai ciniki irin naka ya wuce riyal 375,000 a shekara inda rajista take zama dole, kuma wanda ya yi rajista yana cire abin da ya biya wajen saye daga abin da ya karɓa wajen sayarwa. Amma kafin ta dawo maka ai daga aljihunka ta fita, riyal 34,650 a rana ɗaya. Kai kuma masu bagala da gidajen abinci nasan ba duka suke biya nan take ba, wasu sai ƙarshen wata, wasu sai ka yi ta sintiri. Ɗan sarin da ya zuba kwata miliyan a kaya ɗaya sannan aka zo masa da shinkafa mai araha bashi da abin ɗauka, wannan asarar babu dabarar lissafin da take nuna ta sosai.

Ka kuma duba riyal 300 ɗinka da kyau kafin ka yarda da ita. Abin da ya kamata ya shiga ciki shine kuɗin da kake kashewa saboda ka yi oda, ko babba ko ƙarama, kamar kuɗin kawowa in ƙayyadadde ne, da lokacin yaron da yake tsayawa ya ƙirga ya duba kwanan wata, da zirga-zirga. Kuɗin sauke kaya da ake biyan lebura kan kowane katan baya ciki, domin katan 12,000 za a sauke a shekara ko ta yaya ka raba su. In kuma kai kake ɗauko kayanka da motar haya, to ka sani 300 ɗin ba zata tsaya 300 ba. Katan mai kwalba shida na lita ɗaya da rabi yana kai wajen kilo tara, dubu ɗaya tan tara kenan, dubu uku tan 27, wannan aikin tirela ne ko sawu da yawa, sai ka saka wa kowane adadi nasa kuɗin odar daban. Wannan ma yana ƙara rage wa dubu uku ƙarfi.

Yanzu wata tambaya da lallai ka yi wa mandub kafin komai, kuma ka sa ya rubuta maka: rangwamen akan duka katan ɗin odar yake, ko akan abin da ya haura kawai? Duk lissafin da na yi a sama na ɗauka akan duka ne, ka kai 1,000 duka dubun a baka akan 78. Amma akwai masu yin ɗaya tsarin, dubun farko tana nan a 80, abin da ya ɗoru a kai ne kawai yake 78. In haka ne amsar ta canza gaba ɗaya, odar 1,000 bata da wani rangwame. Odar 2,000 zata zama 80,000 da 78,000, wato 158,000, katan ya kama riyal 79 kenan, sau shida a shekara 948,000, oda 1,800, ajiya 19,750, jimilla 969,550. Odar 3,000 zata zama 236,000, jimillar shekara 974,700, ta ma fi ta katan 600 tsada. A irin wannan tsarin adadin da ya fi baya zama a bakin rangwame, a tsakiya yake, naka wajen katan 1,700 ne da jimilla kusan 969,060, ragin da bai kai riyal dubu uku ba akan katan 600, kuma ya fi ƙarfin sitonka. Kaga jadawali ɗaya ne a baki, amma bambancin kusan riyal dubu ashirin ne a shekara tsakanin fassara biyun. Haka nan in suka zo da salon kyauta, ka sayi 100 a ƙara maka 3, mayar da shi farashi tukuna, 8,000 a raba da 103 ya zama riyal 77.67, sannan ka saka a lissafi.

Ni a ganina amfanin wannan lissafin mafi girma a wajen ciniki yake, domin yanzu kana da lamba a hannu. In ka nemi farashin da zai sa dubu uku ta yi kunnen doki da dubu ɗaya, 12,375 sau farashin a haɗa da 1,200 ya zama 949,350, farashin ya fito riyal 76.62. A 76.50 ribarka 1,460 ce kawai, bata kai wahalar ba. A 76 ta kai 7,650, nan ne za a fara magana, shima sai an cire kuɗin ƙarin wuri. Amma akwai abin da ya fi neman ragi. Ka ce masa na yarda zan ɗauki 3,000 a wata uku, a rubuta, akan 77, amma ku kawo min dubu-dubu duk wata in biya kowacce ranar da aka sauke. Shi ya samu adadin da yake nema a takarda, kai kuma kayan suna zaune a sitonsu ba naka ba. Jimillarka a haka 924,000 da 3,600 da 9,625, wato 937,225, ƙasa da mafi kyawun zaɓinka na yanzu da riyal 12,125. Ko sun ƙi 77 suka ce 77.50 ka karɓa. In sun ƙi rarrabawa sai ka nemi ajali, kwana 45 ko 60 kafin biya, domin kashi 14 na jari shi ne mafi nauyi a ajiyar, in da kuɗinsu kayan suke zaune rabin lokacin to nauyin ya ragu sosai, saura matsalar wuri.

Sai maganar azumi da na ambata tun farko. Dabarar EOQ tana ɗauka ciniki a miƙe yake duk shekara, mu kuwa mun san a ƙasar nan ba haka bane, daga tsakiyar Sha'aban zuwa cikin Ramadan man girki gudu yake saboda sambusa da luƙaimat da sauran soye-soye, ga masu umara, sannan lokacin aikin hajji ga mai kai wa gidajen abincin Makka. In ka lissafa, cinikin da zai sa dubu uku ta fi dubu ɗaya a farashin nan shine wajen katan 16,000 a shekara, kusan 1,330 a wata. Kenan duk lokacin da gudun cinikinka ya wuce haka sosai, amsar tana juyawa na wannan lokacin. A ce a gaban azumi kana fitar da 2,500 a wata, katan 3,000 zasu ƙare a wajen sati biyar, kashi ɗaya cikin goma na shekara. Oda ɗaya ta 3,000 zata ci 231,000 da 300 da ajiya wajen 2,890, haɗe 234,190. Oda uku na dubu-dubu zasu ci 234,000 da 900 da 975, haɗe 235,875. Babbar ta fi da kusan 1,700, ga kuma kwanciyar hankalin cewa kaya bazasu yanke maka a tsakiyar kasuwa ba lokacin da kowa yake layi a kamfani. Wurin ma yana da sauƙi a lokacin, domin in manyan kwastomominka sun riga sun faɗi abin da suke so, wani kason daga mota zai wuce wajensu kai tsaye bai kwana a sitonka ba. Don haka ka raba shekararka gida biyu, watannin gudu da watannin lafawa, kowanne ka yi masa lissafinsa da gudun cinikinsa. Kuma ka kula da odar ƙarshe ta kakar, kar ka ɗauki dubu uku a ashirin ga Ramadan, bayan sallah kasuwa tana yin sanyi sai su kwana maka har Zulƙida.

Akwai kuma kwanan watan lalacewa. Man girki yana jimawa, wata uku a sito ba zai kashe shi ba in sabo aka kawo, amma wani lokacin babban rangwame hanya ce ta fitar da tsohon kaya, ka duba kwalin da kanka kafin a sauke, mai bagala baya karɓar abin da ya rage masa 'yan watanni. In da madarar ruwa ce ko lemon kwali ko cincin, kashi 3 na ɓarna da na saka ya yi kaɗan ƙwarai, kuma dole ka yanke wa oda iyaka da kwanakin da kayan zasu iya zama, ko lissafi ya ce me.

Ajiyar ko-ta-kwana, wato katan ɗari biyu ko uku da kake bari saboda jinkirin mota, ban saka ta ba domin kusan ɗaya ce a duk zaɓin uku, bata canza wanda ya ci. Amma tana cin wuri, dubu ɗaya da ɗari uku har yanzu suna cikin 1,500 ɗinka, wannan ma wani dalili ne da dubu ta zauna maka daidai. Lokacin yin odar kuma daban yake da girmanta, kana fitar da wajen katan 33 a rana, in kamfani yana ɗaukar kwana biyar kafin ya kawo to ka kira su tun kaya suna wajen 165 a saman ajiyar ko-ta-kwanan.

In kana da Excel a waya ko yaron shagonka ya iya, ka saka D a B1, S a B2, i a B3, sannan kowane layi daga na 6 ka rubuta farashi a A, mafi ƙarancin adadin da ake bada farashin a B, sai waɗannan biyun a C da D:

```
=MAX(B6, SQRT(2*$B$1*$B$2/($B$3*A6)))
=$B$1*A6 + $B$1/C6*$B$2 + C6/2*$B$3*A6
```

Ka ja su ƙasa har layi na 8, layin da jimillar da ta fito masa a D ta fi ƙanƙanta shine naka. Abu ɗaya zaka duba da ido, in adadin da ya fito a C ya wuce iyakar sama ta wannan farashin, misali layin riyal 80 ya baka 1,100, to share layin, domin a wannan adadin ka riga ka shiga farashi na gaba. Sannan ka canza B3 daga 0.25 zuwa 0.20 zuwa 0.15 ka ga ko amsar tana juyawa, ka kuma ɗauko faturorin wata goma sha biyu da suka wuce ka tabbatar dubun da kake cewa kana sayarwa a wata dubu ce da gaske, domin in 800 ce to dubu ukun mandub kaya ne na kusan wata huɗu.